Yadda za ka rubuta wa babban injiniyan da bai san ka ba imel, har ya ba ka minti goma sha biyar

Duk injiniyan da ya daɗe a aiki, idan ya buɗe akwatin imel ɗinsa ya ga saƙo daga matashin da bai sani ba, abu ɗaya ne ke fara zuwa masa a rai: wannan aiki yake nema. Shi kuwa galibi ba shi da aikin da zai bayar, ba ya kuma son ya ce wa ɗan mutane babu. To mafi sauƙi a wajensa shi ne ya yi shiru. Matashin ya jira mako biyu, ya ce manya sun cika girman kai, alhali kuwa saƙon ne bai bar wa mutumin wata ƙofar amsawa ba. Aikinka a wannan imel shi ne ka cire masa wannan fargabar tun a layukan farko, sannan ka roƙi abu ƙarami wanda yake da shi a hannu: ɗan lokaci, da amsar tambayar da shi ne ya san ta.

Zan bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Mu ɗauka kai ka karanta injiniyancin lantarki a Jami'ar Bayero, ka gama bautar ƙasa, yanzu kana bin wani ƙaramin kamfani kuna haɗa sola a gidaje da shaguna a Kano. Lokacin SIWES, wato horon aiki da ɗalibai ke zuwa kafin su kammala, ka yi wata shida a wata tashar rarraba wuta mai sauke 33 kV zuwa 11 kV, a nan ka fara sha'awar ɓangaren kariya, wato na'urorin da ke katse layi idan matsala ta faru kafin taransifoma ta ƙone. Yanzu hanya ta rabu maka biyu: ka zurfafa a sola da ke kawo maka ɗan kuɗi yau, ko ka nemi shiga harkar kariyar layuka da ke ɗaukar shekaru kafin mutum ya ƙware. Idan fanninka gine-gine ne ko injina, ko ke mace ce, matakan ba su canja ba.

Mataki na farko: ka san tambayarka kafin ka nemi mutum

A nan mafi yawa suke faɗuwa, tun ba su taɓa madannai ba. "Ina neman shawara a kan rayuwar aikina" ba tambaya ba ce. Wanda ka aika wa bai san ta ina zai kama ba, kuma amsar da za ta dace da ita ita ce nasihar da kowane kawu zai iya yi maka a zaure. Ka zauna da biro da takarda ka rubuta zaɓin da ke gabanka a jimla ɗaya mai "ko" a tsakiya. A misalinmu: in ci gaba da sola, ko in koma neman ƙwarewa a kariyar layuka ko da albashin farko bai kai ba?

Daga nan ka tace. Duk abin da za ka iya samu da kanka, ka cire shi. Misali, kada ka ɓata lokacin babban mutum kana tambayar shekara nawa ake yi kafin a yi rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya. Wannan a rubuce yake: sai mai digiri ya yi aƙalla shekara 4 yana aiki a fannin bayan kammala karatu. Tambayar da ta cancanci a kai masa ita ce wadda ke bayan wannan: shin haɗa sola a gidaje, ba tare da injiniya mai rajista a kaina ba, zai ba ni irin gogewar da zan iya rubutawa a rahoto in kare ta gaban masu tantancewa? Wannan sai wanda ya bi hanyar, ko ya zauna a kujerar tantance wasu, zai amsa maka da gaskiya.

Tambaya biyu sun isa. Ta uku ka riƙe a aljihu.

Mataki na biyu: zaɓen wanda za ka rubuta wa

Zuciya za ta ce ka nemi mafi girma, shugaban kamfani ko darakta. Ni ban ba ka wannan shawarar ba. Saƙonsa yakan bi ta hannun sakatare, kuma ya bar matakin da kake a kai tun zamanin NEPA. Tun daga Nuwamba 2013, da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta da na samar da ita ga 'yan kasuwa aka bar TCN, kamfanin dakon wuta ta manyan layuka, a hannun gwamnati, yadda ake shiga aikin da yadda ake hawa sun sauya. Dokar lantarki ta 2023 ta zo ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, abin da ya sake buɗe wasu hanyoyin. Wanda ya fi maka amfani shi ne mai shekara takwas zuwa goma sha biyar a aiki, wanda har yanzu yake sa hular kwano ya shiga tasha, kuma bai manta ranar da ya tsaya inda kake tsaye ba.

Ina ake samun su? Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, NSE, tana da rassa a Kano da Kaduna da sauran manyan garuruwa, kuma rassan suna shirya laccoci. Takardar sanarwar lacca tana ɗauke da sunan mai jawabi da abin da ya yi magana a kai. Akwai LinkedIn, inda za ka ga mutum ya jera wuraren da ya yi aiki da shekarun. Akwai tsofaffin ɗaliban sashenku, waɗanda malamanku sun san inda da yawansu suke. Abin da kake nema shi ne zare ɗaya na gaskiya da ya haɗa ku: ka saurari laccarsa, ka karanta wani rubutu nasa, kun fito sashe ɗaya, ko kuma ya taɓa yin irin sauyin da kake tunanin yi.

Mu a al'adarmu ba a cika faɗa wa babba kai tsaye ba, akan nemi wanda zai yi maka iso. Idan kana da mai yin ison, ka yi amfani da shi, ya fi kowane imel ƙarfi. Amma kada ka ambaci sunan malaminka ko wani babba a saƙo sai ka nemi izininsa. Injiniyoyin fanni ɗaya a gari ɗaya sun san juna, waya ɗaya ta isa a gane cewa ba a aiko ka ba.

Game da adireshi, ka yi amfani da wanda mutumin ya sa a fili da kansa, a shafinsa ko a allon ƙarshe na laccarsa. Lambar wayar da ka tsinta a wani zauren WhatsApp ba a ba ka ita don wannan ba. Kiran mutum ko yi masa saƙon murya alhali bai san ka ba yana kama da shiga gida ba sallama. Imel kuwa yana ba shi damar ya karanta lokacin da ya ga dama.

Mataki na uku: gyara ƙofarka

Wannan gajere ne. Adireshinka ya kasance sunanka ne, ba laƙabin da abokai suke kiran ka da shi a makaranta ba. Ka duba sunan da ke fita a wajen mai karɓa, domin da yawa sun buɗe Gmail tun suna sakandare da wani suna na wasa, sun manta. Aika wa kanka ko wani aboki saƙo ka gani. Kada kuma ka sa wa kanka Engr. a gaban suna. A Nijeriya wanda ya yi rajista da COREN ne ke da wannan laƙabi, kuma babban injiniya zai lura nan take. Shi kuwa, idan yana amfani da shi, ka rubuta masa shi daidai, ka kuma kwafi harafin sunansa yadda shi yake rubutawa. Mai rubuta Mohammed bai ji daɗin a mayar da shi Muhammad ba.

Mataki na huɗu: rubutun kansa

Ga irin saƙon da aka saba aikawa, wanda na tabbata ka taɓa ganin irinsa:

> Assalamu alaikum ranka ya daɗe. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki, ya ƙoƙari. Allah ya ƙara girma da ɗaukaka. Ni ɗalibi ne da na gama karatu, ina neman taimakonka da shawararka a matsayinka na uba. Ga takardar CV ɗina nan na haɗa. Duk abin da Allah ya hore. Na gode.

Ladabi ya cika a ciki, babu laifi ko ɗaya ta wannan fuskar. Amma ka karanta shi da idon mai karɓa. Bai san wane karatu ka yi ba. Bai san dalilin da ya sa shi ka zaɓa ba, wataƙila mutum hamsin ka aika wa. Kalmar taimako da takardar CV da "duk abin da Allah ya hore" sun taru sun ce masa aiki ko kuɗi. Kuma ko ya so amsawa, me zai rubuta?

Ga wanda zan so ka aika:

> Kan saƙo: Neman minti 15 kan zaɓi tsakanin kariyar layuka da sola, daga wanda ya saurari laccarku ta NSE
>
> Assalamu alaikum Injiniya Wane,
>
> Da fatan kuna lafiya. Sunana Wane, na kammala injiniyancin lantarki a Jami'ar Bayero, na gama bautar ƙasa bara. Ina cikin waɗanda suka saurari laccarku a reshen NSE kan yadda ake daidaita na'urorin kariya. Bayanin da kuka yi kan dalilin da ke sa babban layi ya faɗi alhali matsalar a ƙaramin reshe take, ya warware mini abin da na gani lokacin SIWES ban gane ba.
>
> Ba aiki nake nema a wajenku ba. Yanzu ina haɗa sola da wani ƙaramin kamfani, kuma ina tsakanin in zurfafa a nan ko in koma neman ƙwarewa a kariya. Tambayoyina biyu ne: me ya kamata mutum ya iya da hannunsa kafin a ɗauke shi da muhimmanci a ɓangaren kariya, kuma shin aikin sola irin nawa zai ƙirgu a gogewar da ake nema wajen rajista?
>
> Idan za ku iya ba ni minti 15 ta waya a cikin makonni biyu masu zuwa, ni zan kira, a duk lokacin da ya yi muku. Ina da sarari kowace rana bayan La'asar, da safiyar Asabar. Idan lokaci bai samu ba, ko layi biyu kuka rubuto mini a nan sun wadatar.
>
> Na gode, Allah ya ƙara girma.
> Wane Wane
> (lambar wayarka)

Bari mu kwance shi. Kan saƙon, wato abin da za ka sa a gurbin Subject, ya faɗi abu uku: girman roƙon, batun, da zaren da ya haɗa ku. Mutum zai iya yanke shawarar buɗewa daga nan kaɗai. Kada ka bar gurbin fanko, kada ka rubuta gaisuwa kawai a ciki, kada kuma ka sa kalmar gaggawa. Gaggawarka ba tasa ba ce.

Gaisuwa layi ɗaya ce. Na san wannan yana yi wa Bahaushe nauyi, domin mun taso a kan cewa ba a shiga magana sai an tambayi gida da gajiya. Amma wannan gaisuwar ta baki ce, za ka yi ta a waya idan an kai can. A rubuce, ladabin yana cikin "ku" da ka yi amfani da ita, da laƙabinsa, da kuma rashin cinye masa lokaci. Idan mace ce, Injiniya ya wadatar. Kada ka ce Hajiya ko Anti sai ka san haka ake kiran ta a wurin aiki, kada kuma ka yi wata magana a kan hotonta ko iyalinta.

Jimlar da ta fi kowace aiki ita ce wadda ta ambaci takamaiman abin da ya faɗa a lacca. Ita ce shaidar cewa saƙon nasa ne shi kaɗai. Gwajin da za ka yi: ka cire sunansa ka sa na wani injiniya. Idan saƙon ya zauna daram bai lalace ba, to ba ka rubuta wa kowa ba tukuna. Kuma dole abin ya zama gaskiya. Idan ba ka je laccar ba, kada ka ce ka je, domin yana iya buɗe hirar da tambayar wane ɓangare ka fi ganewa. Yabo irin na "ku ne gwarzon injiniyoyin Arewa" ba ya cike wannan gurbin, ya ma fi kama da share fagen roƙo.

Sai jimlar "ba aiki nake nema a wajenku ba". Wasu za su ce ai ƙarya ce, tunda kowane matashi aiki yake so. Ka faɗe ta ne kawai idan za ka cika ta, wato ba za ka juya hirar ta koma roƙon gurbi ba. Saboda haka ne ma ban so ka haɗa takardar CV. Tana ƙaryata jimlar, sannan mutane da yawa ba sa buɗe abin da baƙo ya liƙa a saƙo saboda tsoron 'yan damfara. Idan yana son ganin ta, zai nema.

A ƙarshe ka sauƙaƙa masa cewa to. Minti goma sha biyar abu ne da mutum zai iya bayarwa yana cikin mota. Ka ce kai za ka kira, don kada katinsa ya shiga ciki. Ka ba da lokuta na gaske maimakon "duk lokacin da kuka ga dama" kaɗai, wanda ke mayar masa da aikin tsarawa. Ka kuma bar masa ƙaramar ƙofa ta amsawa a rubuce. Kada ka nemi zuwa ofishinsa ko gidansa a saƙon farko, kada ka ce ya zama ubangidanka a harkar aiki. Wannan abu ne da ke ginuwa da kansa ko ya ƙi.

Wane harshe? Yawancin saƙon aiki a Nijeriya da Turanci ake yi, a Nijar da Faransanci, kuma idan adireshin ofis za ka aika wa, shi ya fi dacewa. Tsarin bai canja ba. Idan ka ji mutumin yana Hausa a bainar jama'a, Hausa mai tsabta ba ta da aibi. Abin da ban so shi ne gajerce-gajercen hirar waya, irin su slm da ykk. Sallama kuma ka yi ta ga wanda ka san Musulmi ne. Suna ko jiha ba su isa shaida ba, akwai injiniyoyi da yawa masu jin Hausa kamar kai waɗanda Kiristoci ne, "barka da aiki" ta ishe su.

Mataki na biyar: aikawa da jira

Kafin ka taɓa Send, ka aika wa kanka ka buɗe a waya, domin a waya zai karanta. Idan sai ka ja allo sau uku kafin ka kai ƙarshe, ya yi tsawo, ka rage. Ka karanta da ƙarfi sau ɗaya, kunne yana kama kuskuren da ido ya tsallake.

Ka aika da safiyar ranar aiki, Talata zuwa Alhamis. Litinin taruka ne, Juma'a kuma rabin yini ce a wajen mutane da yawa. Idan cikin dare ka rubuta, Gmail yana da Schedule send, ka saita shi ya tafi ƙarfe takwas ko tara. Ka guji makon Sallah. Mutum ɗaya a kowane saƙo, kada ka jera adireshi biyar a layi guda kowa yana ganin kowa. Kada kuma ka rubuta wa mutum uku a ofis ɗaya rana ɗaya da kalmomi iri ɗaya, za su haɗu a wajen cin abinci.

Idan shiru ya yi, ka jira mako guda cikakke, ko kwana goma. Injiniyan tasha yana iya kwana uku a daji ana gyaran layi. Sannan ka buɗe saƙonka na farko ka taɓa Reply, don tsohon ya biyo a ƙasa, ka rubuta:

> Assalamu alaikum Injiniya. Ina tuni ne kan saƙon da ke ƙasa, ko ya shige cikin ayyuka. Idan wannan watan ya cushe, ba damuwa, ko amsar tambaya ta farko kaɗai za ta taimaka mini. Na gode.

Babu ƙorafi a ciki, babu "na ga ba ku amsa ba". Tuni ɗaya ne. Idan aka sake yin shiru, ka bar shi, ka gaishe shi da fara'a ranar da kuka haɗu a taro, ka koma ga mutum na gaba.

Shirun kansa yana koyar da kai wani abu idan ka lura. Ka rubuta wa mutum biyar ko shida, ɗaya bayan ɗaya. Idan babu ko ɗaya da ya amsa, ka fara duba ko saƙon yana isa: ka aika wa aboki ka ga ko ya faɗa Spam. Idan yana isa, to ko dai ka nufi waɗanda suka yi maka nisa, ko zaren da ka kama ya yi rauni. Idan kuwa ana amsa maka da "a yanzu ba ma ɗaukar ma'aikata", saƙonka yana warin neman aiki, ka koma ka gyara sakin layi na biyu. Idan amsar ita ce "Allah ya taimaka, ka dage", tambayarka ce ta yi faɗi.

Idan ya ce to

Ka amsa a ranar, ka maimaita rana da lokaci da lambar da za ka kira. Ka tanadi kati da caji, ka sami wurin da ba hayaniya, ba bakin titi ba. Ka kira a kan minti. Yanzu ne lokacin gaisuwar da ka taƙaita a rubuce, amma kada ta wuce minti ɗaya. Ka tuna masa ko kai wane ne a jimla biyu, ka yi tambayar farko, ka yi shiru ka saurara da biro a hannu. Kada ka naɗi muryarsa sai da izini.

Idan ya ce, misali, ka koyi karanta zanen tasha mai layi ɗaya da lissafin wutar da ke kwarara idan layi ya haɗe, kada ka ce to kawai. Ka tambaye shi a ina shi ya koya, kuma da me mutumin da ba ya cikin tasha zai fara. A irin wannan tambaya ta biyu ake samun abin da ba a rubuta a ko'ina ba. Da minti goma sha biyar sun cika, kai ne za ka ce, "Injiniya, lokacin da na roƙa ya cika." Idan yana jin daɗin hirar zai ce ka ci gaba. Kafin ku rabu ka fito da tambayar aljihu: akwai wani da kuke ganin ya kamata in ji ta bakinsa, musamman wanda ya zaɓi sola ya zauna a kai? Idan ya ba ka suna, ka nemi izinin ambaton sa. Saƙonka na gaba ya sami mai iso ke nan.

Washegari ka aika godiya ta layi uku, ka ambaci abu ɗaya da ya faɗa da abin da za ka yi a kai. Bayan wata biyu ko uku, idan ka yi abin, ka sake rubuta masa a ƙarƙashin wannan saƙon dai: kun ce in koyi lissafin nan, na yi shi a kan zanen tashar da na yi SIWES, ga inda na tsaya, ga wurin da ya ɗaure mini kai.